CAJAR GASKE DA CAJAR JABU

Wani malamin makaranta ya aiko wa Edita takarda, Edita kuwa ya miƙo mini ita ya ce in amsa a wannan fili. Malamin ya ce cikin shekara guda ya sayi cajar waya har uku, ko wace ɗauke da sunan babban kamfani, ko wace kuma mai rumfa ya rantse masa ta gaske ce. Ta farko ta mutu cikin mako biyu. Ta biyu ta kan kwana jikin waya ba ta cika ta ba. Ta uku kuwa ita ce ta tsorata shi, gama wata rana da dare ya ji ƙara kamar an fasa gyaɗa, ya waiwaya ya ga hayaƙi na fita daga soket, ga yaransa kwance a ɗakin. Sai ya ce, “Shin akwai hanyar da mutum wanda bai karanta ilmin lantarki ba zai gane ta gaske tun kuɗinsa na aljihu?”

To, Malam, akwai. Amma tun da fari ina so in faɗa maka gaskiya, babu wata alama guda ɗaya tak wadda za ta raba maka gardama. Masu yin jabu ba barci su ke yi ba, duk alamar da jama'a suka gane bana, baɗi sai ka ga sun kwaikwaye ta. Saboda haka sai ka yi yadda alƙali ya ke yi, watau kada ka yanke hukunci da bakin shaida ɗaya. Shaidu huɗu zan gabatar maka, su ne kuɗi, da rubutu, da ƙafafu, da gwaji. In bakinsu ya zo ɗaya ka biya. In ɗaya ya saɓa, ka mai da kuɗinka aljihu.

ABIN DA KE CIKIN CAJA

Kafin mu kira shaidu, ya kamata mu san abin da a ke shari'a a kansa. Wutar da ke cikin soket a Nijeriya ƙarfinta bolt 230 ne, waya kuwa abin da ta ke bukata bai wuce bolt 5 ko 9 ba, ko kusa da haka. Aikin caja shi ne ta karɓi waccan babbar wuta ta rage ta. A cikin yin haka, wutar ta kan hau har wajen bolt 325 a sashen farko na cikin cajar, sa'an nan wata 'yar ƙaramar taransifoma ta sauko da ita zuwa sashe na biyu, wanda igiyar wayarka ke jone da shi. Watau dai cikin wannan ɗan akwati da bai fi na ashana girma da yawa ba, akwai wuta mai kisa a gefe guda, akwai kuma wadda ka ke riƙewa da hannu a ɗaya gefen.

Abin da ya raba su shi ne katanga. Kamfanin kirki ya kan bar tazara ta milimita da dama tsakanin sassan nan biyu, ya naɗe wayoyin taransifoma da abin da wuta ba ta ratsawa, ya sa fis wanda zai tsinke in wuta ta yi yawa. Duk waɗannan kuɗi su ke ci, kuma mai saye ba ya ganinsu. Don haka nan ne mai jabu ya ke fara yankewa. An buɗe waɗansu na jabu an tarar tazarar ba ta ko kai milimita 1 ba. Irin wannan, ran da aka kawo wuta da ƙarfi, ko damina ta sa laima ta shiga, sai babbar wuta ta tsallaka katanga ta bi igiya, ta sami waya, ko ta sami mai waya.

Kada a ce tsoratarwa na ke yi. A shekarar 2016 hukumar kula da ingancin kayan ciniki ta ƙasar Ingila ta bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi wa cajoji 400 na jabu masu ɗauke da sunan kamfanin Apple, waɗanda aka sayo daga ƙasashe 8. Guda 3 kaɗai aka samu katangarsu ta isa ta tsare mutum daga jan wuta, sauran 397 duk suka faɗi. Ashe ke nan maganar ba ta asarar kuɗi kaɗai ba ce.

In an tambaya me ya sa jabun ya yi yawa haka a 'yan shekarun nan, ga dalili ɗaya babba. Dā in ka sayi waya, da cajarta ta ke zuwa cikin kwali. A shekarar 2020 kamfanin Apple ya daina sa caja cikin kwalin wayoyinsa, a 2021 kuma Samsung ya bi sahu a manyan wayoyinsa, daga baya abin ya sauko har ga waɗansu matsakaita. Mutane da yawa suka koma neman caja a kasuwa, inda kuwa masu nema suka taru, nan mai jabu ke kafa rumfa.

Domin kada magana ta watse, zan ɗauki caja guda in yi misali da ita, watau ta Samsung mai wat 25, wadda lambarta EP-TA800. Na zaɓe ta don tana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, kuma wanda ya iya binciken wannan ya iya na sauran.

SHAIDA NA FARKO: KUƊI

Kafin ka je rumfa, ka fara bi ta kantin da ke wakiltar kamfanin, ko wani babban kanti da ka amince da shi, ka tambayi kuɗin cajar. Ba sai ka saya ba, tambaya ba ta cin kuɗi. In sun yarda ka riƙe ta a hannu, ka duba ta da kyau, ka ɗauki hoton rubutun da ke jikinta da wayarka. Wannan hoto shi ne ma'auninka.

In ka isa kasuwa aka sallama maka da ragin da bai taka kara ya karya ba, wannan ciniki ne, gama mai rumfa ba ya biyan hayar da babban kanti ke biya. Amma in aka sallama maka a rabin kuɗi ko sulusi, to, ba sai ka kira sauran shaidu ba. Babu ɗan kasuwar da zai sayo abu da tsada ya sayar maka da hasara don yana ganin kyan fuskarka. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa.

Sai dai a lura, wannan shaida yana iya kā da caja, amma ba ya iya tsai da ita. Araha ƙwarai tana nuna jabu, tsada kuwa ba ta nuna gaskiya, domin mai wayo ya san jama'a sun gane wannan, sai ya ɗora wa jabunsa kuɗin ta gaske.

SHAIDA NA BIYU: RUBUTU

Ku malamai da akawuna, nan ne kuka fi kowa sa'a, gama aikinku ke nan kullum, duba rubutu da kama kuskure. Kada ka tsaya ga kwali. Kwali abu ne mai sauƙin bugawa, har ma a kan zuba jabu cikin kwalin gaske. Ka ce a buɗe a ba ka cajar kanta. Mai rumfar da ya ƙi buɗewa, cinikin biri a sama ya ke so ka yi, sai ka yi masa sallama.

A jikin ko wace caja akwai 'yan ƙananan layuka. Ka fita da ita inda haske ya ke, ko ka ɗauki hotonsu ka buɗa shi ya yi girma. Na gaske haruffansa sirara ne, amma ko wane a fili ya ke, layuka a miƙe, tazararsu daidai. Na jabu sau da yawa tawadarsa ta yi kauri ko ta yi dishi-dishi, layi ya karkace, ko a sami harafi ya faɗi daga cikin kalma. Ka goga da babban yatsa, in ya goge ka ajiye ta.

Sa'an nan ka yi lissafi. Za ka ga harufa uku suna bin lambobi. Harafin V shi ne bolt, watau ƙarfin turin wuta. Harafin A shi ne amfiya, watau yawan wutar da ke gudana. Harafin W shi ne wat, watau aikin da su biyun suka haɗu suka yi. Ƙa'idar kuwa ɗaya ce, in ka ninka bolt sau amfiya sai ka sami wat. Ka nemi layin da aka rubuta OUTPUT, watau abin da cajar ke fitarwa. A jikin EP-TA800 ta gaske za ka ga 5.0V da 3.0A, wannan wat 15 ke nan. Za ka ga kuma 9.0V da 2.77A, in ka ninka sai ka sami 24.93, watau wat 25 ɗin da aka yi alkawari. Ban da waɗannan akwai layin da ya fara da PPS, wanda ke nuna cajar tana iya hawa da sauka da ƙarfinta kaɗan kaɗan yadda waya ta nema. Da wannan ne wayoyin Samsung ke cika da sauri. To, in kwali ya ce wat 25, jikin caja kuwa ya ce 5V da 2A kaɗai, lissafi ya ba ka wat 10, kwali da caja sun ƙaryata juna a gabanka.

Ka duba kuma ramin da a ke soka igiya. EP-TA800 raminta guda ne, ɗan ƙarami mai zagayayyen gefe, irin wanda a ke kira USB-C, wanda ba shi da sama ba shi da ƙasa. In ka ga wannan lamba a jikin caja mai faffaɗan rami irin na dā, ko mai rami biyu, to, kamfanin bai taɓa ƙera ta ba. Tsohuwar cajarsu mai faffaɗan rami wat 15 ce, a jikinta a kan ga 9.0V da 1.67A, kuma lambarta dabam.

Ga wata dabara da ba kowa ya san ta ba. Cajar Samsung ta gaske ta kan zo da lambar kanta, wadda ba ta tarayya da wata a cikinta, kamar yadda takardun kuɗi su ke. Ka ce wa mai rumfa ya ba ka guda biyu iri ɗaya don ka zaɓa, ka gwama lambobinsu. In ka tarar lamba ɗaya ce a jikin duka biyun, an buga su ne da hatimi guda, duka jabu ne.

Amma tambarin nan na CE da makamantansa da ke jere a ƙasa, kada su ruɗe ka. Rashinsu abin zargi ne, samunsu kuwa ba hujja ba ne, gama wanda ya saci sunan kamfani ba zai ji nauyin satar harufa biyu ba. Haka kuma sunan ƙasar da aka ƙera ta. Manyan kamfanoni suna da masana'antu a ƙasashe dabam dabam, saboda haka ganin sunan Sin bai sa ta zama jabu ba, ganin sunan wata ƙasa kuma bai wanke ta ba. Waɗansu kamfanoni, kamar Anker, su kan manna wa kwali wata takarda da a ke kankarewa a ga lamba a ƙarƙashi, a tura ta ga kamfanin ya tabbatar. In kwalin na da irin wannan, ka kankare ka tura kana tsaye a rumfar, bayan kun yi sharaɗi da mai kaya.

SHAIDA NA UKU: ƘAFAFU DA JIKI

Wannan shaida shi ne wanda masu saye suka fi mantawa da shi, masu jabu ma haka. Soket ɗin da aka fi amfani da shi a Nijeriya irin na Ingila ne, mai rami uku masu kusurwa, kuma ƙafafun da ke shiga cikinsa suna da ƙa'ida wadda aka auna da milimita.

Ƙafafu biyu na ƙasa su ne ke ɗaukar wuta. Lalle ne ko wace ta kasance da riga ta roba daga gindinta zuwa wajen rabi, ƙarfe ya fito a kai kaɗai. Hikimar wannan ita ce, in caja ta ɗan zaro daga soket yaro ya sa yatsa a bayanta, roba zai taɓa, ba ƙarfe ba. In ka ga ƙafafun nan biyu tsirara tun daga gindi, ko kyauta aka ba ka kada ka kai ta gida. Har wa yau, tsakanin ƙafafun nan da bakin gefen caja a kan bar tazarar da ba ta gaza milimita 9.5 ba, watau kamar kaurin alƙalamin biro. Ka ɗora bironka a wurin ka gani. In ƙafar ta matso bakin gefe har biro bai sami mazauni ba, yatsan mai zare ta ma yana kusa da wuta ke nan.

Ƙafa ta sama ta fi sauran tsawo, domin ita ke fara shiga ta buɗe 'yan ƙofofin da ke rufe da ramukan soket. A nan mutane da yawa ke kuskure. Sun ga ƙafar sama ta roba ce, sai su ce jabu ne. Ba haka ba ne, cajoji na gaske da yawa ƙafarsu ta sama roba ce zalla, tun da aikinta buɗe ƙofa ne kurum. Abin da ƙa'ida ta hana shi ne a yi ta rabi ƙarfe rabi roba kamar 'yan'uwanta na ƙasa. In ka ga haka, wanda ya ƙera ta bai san ƙa'idar ba, ko kuwa bai kula ba.

Akwai kuma masu ƙafa biyu zagayayyu, irin na ƙasashen Turai, waɗanda 'yan'uwanmu na Nijar suka fi sabawa da su. Wannan ba alamar jabu ba ce, an yi su ne don wani soket dabam, su ma kuwa ƙafafunsu na da riga a gindi. Sai dai mutumin Nijeriya ya fi kyau ya nemi mai ƙafa uku, da ya riƙa tura tsinke cikin soket yana buɗe ƙofa da ƙarfi.

Bayan ƙafafu sai jiki. Ka kama ƙafar ka girgiza, ta gaske ba ta motsi a gindinta. Ka bi mahaɗin robar da farce, ta gaske a haɗe ta ke sumul, ba kaifi ba giɓi. Ka matsa ta tsakanin yatsu, in ta yi ƙara ko ta lotsa robar ba ta da kauri. Ka kaɗa ta kusa da kunne, kada ka ji wani abu na yawo a ciki. Game da nauyi kuwa, gaskiya ne ta jabu ta kan fi sauƙi, don an rage kayan ciki. Amma masu yin ta sun ji jama'a na auna caja a tafin hannu, har an sha buɗe waɗansu a tarar an manna guntun ƙarfe a ciki don nauyi kawai. Saboda haka rashin nauyi ya isa ka ƙi ta, nauyi kuwa bai isa ka karɓe ta ba.

SHAIDA NA HUƊU: GWAJI

Gani ya kori ji. Kusan ko wace rumfar waya tana da soket, ko na wutar gari ko na janareto, don haka babu dalilin da zai hana a gwada. Amma gwajin yana da sharuɗɗa uku. Na ɗaya, ka zo da wayarka batirinta bai kai rabi ba, gama in batir ya kusa cika waya da kanta ta kan rage shan wuta, sai ta gaske da ta jabu su yi kama. Na biyu, ka zo da igiyarka wadda ka san lafiyarta, don in abu ya ɓaci ka san laifin caja ne. Na uku, ka tabbata ba a kashe cajin sauri a cikin saitin batirin wayar ba.

In ka jona wayar Samsung mai karɓar wat 25 da cajarta ta gaske, za ta rubuta Super fast charging a fuskarta. In ta rubuta Fast charging kawai, ko Charging, cajar ba ta ba da abin da ta yi alkawari ba. Amma ko ta rubuta, kada ka yi hanzarin zarewa, domin jabu mai kyan kwaikwayo ya iya gaisawa da waya ya ce mata shi mai wat 25 ne, riƙe nauyin ne ba ya iyawa. Ka bar ta minti 5 ko fiye, kana lura da abu huɗu. Shin rubutun ya tsaya, ko yana ɗaukewa yana dawowa? Shin in ka taɓa fuskar wayar tana bin yatsanka, ko tana tsalle tana buɗe abin da ba ka taɓa ba? Wannan tsalle alama ce wutar da ke fitowa ba tatacciya ba ce. Shin cajar na yin ƙara mai tsanani ko warin roba? Sa'an nan zafinta yaya? Ɗumi kaɗan ba laifi ba ne, ko ta gaske tana yi, amma wadda cikin minti 5 ta gagari riƙo, yaya za ta yi in ta kwana a soket?

YADDA MUKA YI DA MAƘWABCINA

Kwanan baya wani maƙwabcina, akawu ne, ya sayi waya Galaxy A54, ya roƙe ni in raka shi neman caja. Muka fara tambayo kuɗinta a babban kanti, muka ɗauki hoton rubutunta, kāna muka shiga kasuwa da batirinsa a kan 31 cikin ɗari.

Mai rumfar, saurayi ne mai fara'a, ya ɗauko ta farko ya ce, “Ga ta, Baba, wat 25 ce.” Kuɗinta bai kai sulusin na kanti ba. Muka buɗe, sai ga faffaɗan rami, jikinta kuma 5V da 2A. Na ce, “Samari, biyar sau biyu nawa ne?” Ya yi dariya ya ce, “Goma ne, Baba.” Ya mai da ita bai ƙara magana ba.

Ta biyu ita ce mai wuya. Kuɗinta ya ɗara rabin na kanti. Raminta daidai, lambobinta duk sun yi daidai da hotonmu, tana da nauyi, har maƙwabcina ya fara laluben aljihu. Na ce a ba mu 'yar'uwarta. Da muka gwama, sai ga lamba ɗaya a jikin duka biyun. Muka juya ƙafafu, ta sama rabi ƙarfe rabi roba. Duk da haka na ce a jona, don maƙwabcina ya gani da idonsa. Waya ta rubuta Super fast charging, ya dube ni kamar ya ce na zalunci yaro. Ba a yi minti 3 ba rubutun ya ɗauke, ya dawo, ya sāke ɗaukewa, ya je zai buɗe saƙo wayar ta buɗe masa hotuna. Na ce masa, “Malam, kama da wane ba ta wane.”

Sa'an nan na ce wa yaron, “Don Allah, in kana da ta kamfani ka kawo, in babu ka faɗa mana, ba za mu ji haushi ba.” Ya shiga ciki ya fito da wata, ya faɗi kuɗin da ya gaza na kanti da kaɗan. Rubutu ya yi daidai, lambarta dabam da ta 'yar'uwarta, ƙafafu bisa ƙa'ida. Muka jona, cikin minti 5 batir ya tashi daga 31 zuwa 39, rubutu bai motsa ba, cajar kuwa ɗumi kawai ta yi. Muka biya.

Abin da na koya a wurin yaron nan shi ne, yawancin masu rumfa sun san darajar kayansu sarai, kuma hawa hawa su ke ajiye su. Wanda ya zo yana neman araha a ba shi ta araha. Wanda ya nuna ya san abin da ya ke nema, ya kuma tambaya da mutunci, sau da yawa a kan gaya masa gaskiya. Waɗansu kuwa su kansu an cuce su ne a wurin sari, don haka in ka kama jabu kada ka tara wa mutum jama'a, ka nuna masa abin da ka gani.

IYAKAR WANNAN SHAWARA

Ban ce wanda ya bi waɗannan ba za a taɓa cutarsa ba. Katangar nan da na ambata a farko tana ciki, ba mai ganinta sai an fasa caja, kuma akwai jabun da ya ƙware har ya wuce shaidun nan huɗu. Saboda haka kafin ka miƙa kuɗi ka nemi rasiɗi mai sunan rumfa da kwanan wata, a rubuta lambar cajar, a rubuta cewa ta kamfani ce, a kuma rubuta kwanakin da za ka iya mai da ita. Mai kayan gaske ba ya gudun rubuta wannan. Wanda ya ce alƙalaminsa ya ɓace, ka ara masa naka, in ya sāke kawo wani dalili ka san inda aka kwana.

In kuwa kuɗinka bai kai na babban kamfani ba, babu abin kunya. Akwai ƙananan kamfanoni masu sa sunansu na kansu a jikin kayansu, suna da wakilai, suna karɓar abin da ya lalace. Cajar irin waɗannan, in an rubuta PD da PPS a jikinta kuma wat ɗinta ya kai, za ta cika wayar da sauri kamar ta gidansu. Wanda ya sa sunansa yana tsoron ɓata shi, wanda ya ari sunan wani kuwa ba abin da zai rasa in gidanka ya kama wuta. Ita ma dai ka bi ta da shaidun nan, gama ƙananan ma a kan yi jabunsu in sun yi suna.

Kai kuma Malam mai takarda, cajar nan da ta yi hayaƙi kada ka ba mai gyara, kada kuma ka bar ta inda yaro zai ɗauka ya soka. Ka karya ƙafafunta kafin ka yar. Soket ɗin ma a sa mai aikin lantarki ya duba shi, domin wuta ta kan bar ƙuna a ciki. Kuma ko wace iri ka saya nan gaba, kada a bar waya tana caji bisa katifa ko ƙarƙashin matashin kai, kada kuma a taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu tana jone.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya ba masu saye da masu sayarwa ikon riƙon gaskiya, amin. Wanda ke da wata tambaya sai ya aiko ta hannun Edita. Haza wasalam.